Littafin aikin cika kanta: wata uku muna lura da kayan wani kanti a Kano

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau muka ƙulla magana da Alhaji mai kantin. Shekara shida yana sarin kaya a sitonmu na kusa da Kasuwar Singa, kuma kullum hanyar ɗaya ce: sai yaransa sun ga kanta ta yi fayau su gaya masa, shi ya kira ni, ni in ce mota ta riga ta fita sai gobe. Wani lokaci kuma tsoron yankewar kaya ya sa ya yi oda mai yawa, rabinta ta yi kwantai a bayan kanti. Daga yau ba zai ƙara yi mana oda ba. Mu za mu riƙa duba abin da ya rage masa, mu yanke yawan da za a kawo, mu kawo. Turawa suna taƙaita sunan tsarin da VMI, ni dai a littafin nan zan riƙa ce masa cika kanta.

Ba sabon abu ba ne. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Procter & Gamble ya fara yi wa kantunan Walmart na Amurka haka a kan ƙunzugun yara na Pampers: Walmart ya buɗe masa lissafin abin da ke fita, shi kuma ya ɗauki nauyin cikawa. Namu ƙarami ne, kanti ɗaya da kaya iri 38, amma tambayoyin da Alhaji ya yi mini su ne dai waɗanda kowane mai kanti zai yi.

Ya ce, "Malam, in ka cika mini sito da abin da ba ya tafiya, kuɗin wa ya kwanta?"

A kan wannan muka fi daɗewa. Hanya biyu ce. Ko kayan su ci gaba da zama namu har sai an sayar, ko su zama nasa da zarar an sauke. Ta farkon ta fi masa daɗi, amma mu ba mu da jarin da za mu baje a kantar wani, kuma in ɓera ya ci ko wani ya ɗauke, rigimar wa zai biya ba ta ƙarewa. Muka tsaya a kan ta biyu da sharaɗi uku. Zai biya bayan kwana 14 da saukewa. Kowane kaya yana da rufi, wato adadin da ba za mu wuce ba, in mun wuce mu kwashe rarar da motarmu. Abin da ya rage kwana 60 wa'adinsa ya ƙare bai fita ba, mu karɓa mu musanya. Shi kuma zai riƙa turo mini lissafin na'urar kashiya kowane dare, ya bar yaronmu ya shiga har sito ya ƙirga. Muka rubuta a takarda guda, kowa ya sa hannu.

Alhamis, 9 ga Janairu

Kwana biyu ina zaune da lissafin cinikinsa na mako takwas da suka wuce. Zan rubuta yadda na fitar da rufin taliya dalla-dalla, domin sauran kayan duk haka na bi da su.

Taliya ledar rabin kilo, 20 ne a katan. A mako yana sayar da kusan katan 14, wato leda 280, a rana 40. Za mu riƙa ƙirga ranar Litinin da Alhamis da safe, mu sauke kaya washegari. Abin da mutane ke mantawa shi ne kayan da na yanke yau ba har ƙirga ta gaba kaɗai za su kai shi ba, sai sun kai shi ranar da kayan waccan ƙirgar za su iso. Daga Alhamis zuwa Litinin kwana huɗu ne, a ƙara kwana ɗaya na kawowa, biyar ke nan. Kwana biyar sau 40, leda 200.

Sai na ko-ta-kwana, domin ciniki ba ya tafiya a layi ɗaya. Ban bi wata doguwar hanya ba. Na duba cikin makonni takwas ɗin na nemo kwana biyar a jere da suka fi kowane ciniki, na samu 258. Don haka na ƙara 60 a kan 200. Rufin taliya ya zama leda 260, katan 13. Kanta tana ɗaukar katan shida, bakwai za su zauna a sito. Na kuma sa ƙasa a leda 40, cinikin yini ɗaya: duk ranar ƙirgar da aka samu abin da bai kai haka ba, zai yanke kafin motarmu ta zo, kuma za a rubuta shi a matsayin gazawarmu.

Alhaji da ya ga katan 13 sai ya ɗaga kai. Ya saba ajiye 25 zuwa 30. Na ce masa, "Alhaji, a ba ni wata ɗaya."

Litinin, 13 ga Janairu

Ƙirgar farko ta ainihi, bayan mun bar rarar da ke sito ta zube. Taliya 95, babu komai a hanya. 260 a cire 95, saura 165, wato katan takwas da ƙwaya biyar. Kayan da ke gudu ina cike musu katan, masu nauyin tafiya ina zubar da ƙwayar, don haka gobe katan tara za su tafi. Ledar da cike katan ya haura da ita mun yarda ba ta cikin keta rufi. Ga abin da na sa a jadawalin kwamfuta don kayan da ke gudu, C abin da aka ƙirga, D abin da ke hanya, E rufi, F yawan ƙwaya a katan:

```
=ROUNDUP(MAX(0,E2-C2-D2)/F2,0)
```

Gidan D ɗin nan kada a raina shi. In aka manta da kayan da aka riga aka rubuta ba su sauka ba, sau biyu za a aika.

Alhamis, 23 ga Janairu

Matsala ta farko, kuma ina jin ita ce za ta fi kowace koya mini aikin. Da na ga lissafin dare yana zuwa a kan kari, sai na ce wa yaronmu ya daina ƙirga ƙananan kaya ɗaya bayan ɗaya, ya dogara da abin da na'ura ta nuna. Yau wata mata ta nemi sabulun wanka mai ƙamshin lemun tsami a gabansa, aka ce ya ƙare tun Lahadi. A jadawalina kuwa akwai 64, shi ya sa ban aika ko ɗaya ba ranar Talata.

Na je da kaina bayan la'asar na tsaya kusa da kashiya. Sabulun iri biyu ne, kore da fari, kamfani ɗaya, kuɗi ɗaya. Wani mutum ya ajiye fari biyu da wani abu, ta ɗauki ɗaya ta haska lambarsa ta danna 2, daidai. Na tambaye ta in aka haɗo kore da fari fa? Ta ce wanda ya fara zuwa hannunta take haskawa ta danna jimla, tunda kuɗin bai bambanta ba, layi kuma yana jira. A wajenta babu laifi, kuɗin aljihun tebur yana cika daidai. A wajena kuwa koren yana fita na'ura ba ta sani ba, farin yana raguwa a lissafi alhali yana nan a kanta. Da muka ƙirga farin, na'ura ta ce 11, hannu ya ce 70. Gibin 64 na can, rarar 59 na nan, biyar ɗin da suka rage ko ɓata ne ko fashewa. Mako biyu ke nan ina tura fari ana jibgewa, koren da ake nema ina hana shi.

Da na koma kan lissafin dare sai na ga alamar tana nan tun tuni ban karanta ta ba. Kayan da ke fita kullum, kwana huɗu a jere cinikinsa sifili, amma lissafi yana cewa akwai shi da yawa. Kaya ba ya daina tafiya dare ɗaya haka kawai. In aka ga haka, ko babu shi, ko yana cikin kwali a sito ba a fito da shi ba, ko an tura shi bayan wani kaya inda ido ba ya kai. Na ƙara gida a jadawali da zai yi ja duk lokacin da kaya mai gudu ya yi kwana biyu babu ciniki alhali lissafi na nuna akwai. Ƙirgar hannu kuma ta dawo: kaya goma mafi gudu kowace ziyara, sauran a raba su yadda kowanne zai sha ƙirga sau ɗaya a mako biyu. Manajan kantin ya yi wa masu kashiya bayani cewa kowane iri a haska nasa. Na roƙe shi kada ya yi faɗa, domin ba wanda ya taɓa gaya musu cewa wani yana yanke oda da abin da suke dannawa.

Juma'a, 31 ga Janairu

Wannan daga gidanmu ta fito. Da safe Alhaji ya kira, muryarsa a sanyaye: "Malam, katan 20 na taliya ne a ƙofar sitona bayan waɗanda ka rubuta. Haka muka yi da kai?"

Mai tallanmu ne ya ƙara su a mota. Ƙarshen wata ne, kamashonsa a kan abin da ya fita daga sitonmu ake lissafa shi, kuma tun da aka fara cika kanta abin da kantin ke karɓa ya ragu, saboda Alhaji yana cinye tsohuwar rararsa. Wato na kawo tsarin da ya rage wa mutum abincinsa ban zauna da shi ba. Kafin azahar na tura ƙurƙura ta kwaso katan 20 ɗin, kuɗin dako a kanmu. Da yamma muka zauna da maigida, aka amince cewa a wannan kanti kamasho zai koma kan abin da kantin ya sayar wa jama'a, da ƙari in wata ya ƙare ba a samu kaya a ƙasa da ƙasansa ba. Takardar lodin wannan kanti kuma ba ta fita sai da sa hannuna.

Na ɗauki abin da zafi don na san me ke kan gaba. Mutum ya miƙa maka mabuɗin sitonsa a kan ba za ka yi amfani da shi ka sauke masa nauyinka ba. In ya ga haka sau biyu, zai koma yin odarsa da kansa, kuma da gaskiyarsa.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Taliya leda bakwai kacal aka samu yau, gazawa ta farko a kanta. Ranar Asabar wata hajiya mai aurar da 'ya ta ɗauki katan shida a tashi ɗaya, leda 120.

Yankewar ba ta dame ni kamar abin da jadawali ya so yi bayanta ba. Tun makon jiya na sa shi yana sabunta matsakaicin ciniki da na kwana 14 na baya. Leda 560 na yau da kullum da 120 na biki, 680, a raba 14 ya kusa 49 a rana. Sai rufi ya tashi daga 260 zuwa 305. Da na bi shi, da na aika ƙarin katan biyu ko uku, ni ma in ƙara a odar da nake yi wa kamfani don kada in gaza, kamfani ya ga kamar kasuwa ta buɗe. Alhali biki ɗaya aka yi, an kuma gama. Wannan ne masana harkar ke kwatantawa da bulala: hannu ya motsa kaɗan, bakinta ya yi tsalle mai nisa. Procter & Gamble sun lura da shi a kan Pampers ɗin nan, jarirai suna amfani da shi kusan bai ɗaya, amma odar da ke isa masana'anta tana hawa da sauka sosai. Amfanin ganin cinikin kanta da idonka shi ne ka iya bambance biki da kasuwa, in dai ka duba rasit ɗin ba jimla kaɗai ba.

Na cire 120 ɗin daga lissafi, rufi ya koma 260. Muka kuma yi sabuwar ƙa'ida: duk wanda ya nemi fiye da katan uku na abu ɗaya, sari ne. Manaja ya karɓi kuɗinsa ya kira ni, mu kai masa daga sitonmu a ranar, ribar ta kantin ce, kanta kuma ba a taɓa ta ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Azumi saura kwana tara ko goma. Matsakaicin ciniki baya yake kallo, ba zai san azumi ya zo ba sai ya wuce da mako biyu. Na nemi lissafin bara, wanda ya kama a 11 ga Maris 2024, amma a lokacin kantin bai sa na'ura ba, sai littafin sari. Littafin yana nuna abin da Alhaji ya saya, ba ya nuna ranar da ya fita ko ranar da ya yanke. Muka zauna da shi da manaja muka yi ƙiyasi da baki: sukari da madara a ninka, man girki da taliya a ƙara rabi, biskit da kayan karin kumallon 'yan makaranta a rage. Sukari ledar rabin kilo yana fita 30 a rana, rufinsa 200. Na mai da shi 400 daga mako mai zuwa.

Litinin, 3 ga Maris

An tashi da azumi ranar Asabar. Sukari ya ƙare jiya kafin azahar.

Ranar Alhamis na cika lissafinsa zuwa 400. Alhamis, Juma'a da Asabar aka sayar da 330, wato 110 a rana, kusan ninki huɗu ba biyu ba. Masu rabon kayan azumi ne da yawa, kowa leda goma, sha biyar, ba wanda ya kai katan uku balle ƙa'idar sari ta kama shi. Saba'in ɗin da suka rage suka tafi da safiyar Lahadi. Lissafin daren Asabar ya iso wayata, ban buɗe shi ba sai bayan sahur ɗin yau. Wannan sakacina ne, da na duba a daren da mota ta fita Lahadi da safe. Yau ban jira gobe ba, kafin sha ɗaya kaya sun sauka.

Abu biyu na gyara. Na farko, ranar da kaya ya yanke ba ta shiga matsakaici. Na'ura ta rubuta 70 ranar Lahadi, amma 70 ɗin iyakar abin da ke akwai ne, waɗanda suka zo bayan azahar suka juya ba wanda ya rubuta su. In na bar wannan rana a lissafi, zai nuna buƙata ta ragu, in aika kaɗan, ya sake yankewa, lissafi ya sake raguwa. Na biyu, ban ɗaga rufi yadda lissafi ya nema ba. Kwana biyar sau 110 da na ko-ta-kwana zai kai 700, sito ba shi da wurin, kuma kuɗin Alhaji ne zai kwanta. Sai na gajarta tazara: kaya shida na azumi za a riƙa duba su kowane kwana biyu. Biyu da ɗaya na kawowa uku, sau 110, 330, da yini ɗaya na ko-ta-kwana, 440. Kuɗin mota ya ƙaru a kanmu, na kuma gaya wa maigida adadinsa tun yanzu.

Litinin, 24 ga Maris

Sukari ya lafa a wajen 70 a rana tun mako na biyu, na bi shi na sauke rufi sau biyu. Yanzu man girki, taliya da lemon kwalba ne ke tashi saboda Sallah. Daga Alhamis zan mayar da rufin sukari da madara na kafin azumi, ko da kanta za ta yi ɗan sauƙi a kwana biyun ƙarshe. Manaja bai so ba, yana ganin ana ciniki ina janye hannu. Na nuna masa cewa leda 300 da za ta kwana ranar Sallah cinikin kwana goma ce a watan Shawwal.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris. Sukari 140 ya tsallaka, ya shige cikin lissafin yau da kullum ba tare da an kwaso komai ba. Madarar gari ta babban gwangwani ce na makara, katan uku sun yi yawa, mun karɓo su muka kai wani kanti.

Yau muka zauna da Alhaji a kan wata ukun. A kaya 38, sau tara aka samu wani abu a ƙasa da ƙasansa, biyar daga ciki a makon farko na azumi. Taliyar da yake ajiye katan 25 zuwa 30 yanzu ba ta wuce 14, sau ɗaya kuma ta yanke. Gibin da ke tsakanin na'ura da ƙirgar hannu ya ragu sosai tun gyaran kashiya, sai a kan alawa da ƙananan ledoji, inda har yanzu nake samun bambanci kowane mako. A ɓangarenmu, kuɗin mota da na yaron ƙirga ya cinye kusan duk ƙarin ribar da muka samu. Kanti ɗaya ba ya ɗaukar nauyin ziyara biyu a mako, sai an samu uku ko huɗu a hanya ɗaya mota ta zaga su a fita guda.

Alhaji ya ce ƙaninsa yana da kanti a kan hanyar, amma babu na'ura, littafi ne da biro. Ranar Litinin zan je in ga sitonsa. A can ƙirgar hannu ce kaɗai za ta gaya mini abin da ya fita: abin da aka samu a ziyarar baya, a haɗa da abin da aka sauke, a cire abin da aka samu yau. Zan fara da kaya goma sha biyu, kuma sai na yi mako huɗu ina ƙirga kafin in sa wa ko ɗaya rufi.